Yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu: abin da take nufi ga mai aiki a ƙasa biyu

Kowace ƙasa tana da hujja biyu ta karɓar haraji a kan albashi. Ta farko, kai mazauninta ne, don haka tana da rabo a abin da ka samu. Ta biyu, a cikin ƙasarta aka yi aikin, ko daga ina mai aikin ya fito. Muddin gidanka da wurin aikinka suna ƙasa ɗaya, hujjojin nan ba sa karo. Ranar da iyalinka ke Maradi kai kuma kana aiki a Lome, Nijar za ta riƙe ta farko, Togo ta riƙe ta biyu, a kan albashi guda. Yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu ita ce rubutacciyar ƙa'idar da ƙasashe ke sa wa hannu don a san wa zai karɓa, wa zai haƙura, kuma nawa. Ba ta yafe wa kowa haraji, raba shi take yi.

Wadda ta fi shafar ɗan Nijar ita ce ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, doka mai lamba 08/2008, wadda ta haɗa ƙasashe takwas: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo.

A ce wani kamfanin shigo da kaya na Maradi ya tura ma'aikacinsa tashar jiragen ruwa ta Lome, ya riƙa bin takardun kwantenoni har a loda su a mota. Albashinsa jika 400 a wata. Tambayar farko ita ce: mazaunin ina ne? Ba fasfo ake fara dubawa ba. Idan duka ƙasashen biyu suka ce nasu ne, ana duba inda yake da gidan zama na dindindin. In yana da shi a ko'ina, sai a duba inda rayuwarsa ta fi nauyi, wato inda mata da ƴaƴa da dukiya suke. Sai wannan ya kasa raba gardama ake komawa ga inda ya fi yawan zama, daga nan a zo ga ƙasar da yake ɗanta. Mutuminmu yana da gida a Maradi, ƴaƴansa na makaranta a nan, a Lome ɗan masauki kawai gare shi. Mazaunin Nijar ne.

Amma zama mazaunin Nijar bai hana Togo karɓa ba. Asalin ƙa'idar albashi ita ce ƙasar da aka yi aikin a cikinta tana da ikon cire haraji. An yi togaciya ɗaya saboda masu gajeren zama, kuma sai sharuɗɗa uku sun cika tare: zamansa a can bai wuce kwana 183 ba, mai biyansa ba mazaunin Togo ba ne, kuma ba wani reshen kamfanin da ke Togo ne ke ɗaukar nauyin albashin ba. Idan ya yi kwana 150, kuɗin na fitowa daga asusun Maradi, kamfanin ba shi da ofishi a Lome, to Togo ba ta da komai a albashinsa. Ana ci gaba da cire masa ITS, wato harajin albashi na Nijar, a gida kamar bai tafi ba.

Kwana 183 ɗin nan ne ke kayar da mutane. Da yawa suna ɗauka cewa in ka yi kwana 200, kwana 17 na sama kaɗai za a caje ka. Ba haka ba ne. Da zarar ka ƙetare, togaciyar ta faɗi gaba ɗaya, Togo na iya neman haraji a kan albashin tun daga ranar farko da ka fara aiki a can. Lissafin kuma ba na ranakun aiki ba ne, na ranakun da kake cikin ƙasar ne: ranar isowa, ranar tashi, Lahadi, ranar hutun salla in a can ta same ka. Ana kuma haɗa tafiye-tafiye, don haka dawowa Maradi na sati biyu ba ya mai da lissafi baya. Wanda ya san yadda jirgi ke makara da yadda ayarin motoci ke jiran rakiya ya san wata biyar ba wuya ya zama bakwai.

To a ce ya zama bakwai. Albashin da ya samu a Lome ya kama miliyan 2 da jika 800. A nan rabi na biyu na yarjejeniyar ke aiki: Nijar za ta lissafa nata harajin, sannan ta rage abin da ya riga ya biya a Togo. Mu ƙaddara, don misali kawai, Togo ta karɓi jika 300, na Nijar kuma a kan wannan kuɗin jika 380 ne. Cikon jika 80 ya rage masa a gida, jimilla 380 maimakon 680. In kuwa Togo ta karɓi 450, ba zai biya Nijar komai ba, amma Nijar ba za ta mayar masa da rarar 70 ba, don ragin ba ya wuce harajin da ita kanta ke bi. Ko ta yaya aka juya, wanda ya fi yawa cikin biyun shi ke fita daga aljihunsa.

Ragin ba ya zuwa da kansa. Akawun kamfani a Maradi yakan ci gaba da cire ITS kowane wata, can kuma a bi ka bashi, sai ka ga an cire sau biyu duk da akwai yarjejeniya. Abin da ke fid da mutum takardu ne: shaidar mazauni daga ofishin lampo na DGI, takardun albashi na kowane wata, takardar turawa aiki mai ɗauke da ranakun tafiya da dawowa, da rasit na hukumar harajin Togo, OTR. Cewa "an cire mini" ba hujja ba ce. Wanda kamfaninsa ya cire amma bai zuba wa hukuma ba, ba shi da rasit ɗin da zai nuna, shi ya sa gara a nemi takardar tun ana can.

Yarjejeniyar ba ta shafi kuɗin duwan ba, haka ma kuɗin CNSS, asusun fansho na ma'aikata, wannan wata ƙa'ida ce daban.

Masu aiki a Katsina ko Kano, da yake ta Ɗan Isa suke ƙetarawa kullum, su lura cewa Najeriya ba ta cikin UEMOA, don haka lissafin da ke sama ba nasu ba ne. CEDEAO ta amince da irin wannan ƙa'ida a 2018, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Yarjejeniyar Nijar da Faransa kuma, wadda aka sa wa hannu a 1965, Nijar ta sanar da soke ta a Disamban 2023. Inda babu yarjejeniya, kowace ƙasa dokarta take bi, ba wanda ya wajabta mata rage abin da ka biya wa ɗayar. Mai shirin karɓar aiki a irin waɗannan wurare ya sa a rubuta cikin kwantiraginsa wa zai ɗauki harajin can, shi ko kamfani, kafin ya sa hannu.