Bidiyon yayi da bidiyon da ba ya tsufa: tambayoyin wani tela daga Daura

Tambaya: Yaya, bidiyon da na sa a YouTube na ɗinkin Sallah ya samu kallo 10,000 cikin kwana uku, sai ya tsaya cak. Wanda nake koyar da gyaran keken ɗinki idan yana tsinka zare kuwa, mutum 40 ke kallonsa a rana. In daina na koyarwar?

Amsa: Kada ka kuskura, ƙanena. Ɗauko biro mu yi lissafi. Mutum 40 kullum, a shekara ya kama 14,600, ka ga har ya wuce na Sallar. Ga kuma abin da ya fi wannan: wanda kekensa ya lalace ga aikin mutane a gabansa, zama yake ya kalla sosai. Mu ce minti 5 kowannensu, kusan awa 1,200 ke nan. Mai kallon yayi leƙowa yake ya wuce. In minti ɗaya ya yi, duk dubu goman nan ba su kai awa 170 ba.

Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da kai a dogon bidiyo, tana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 na baya-bayan nan. Saboda haka awannin Sallar bara zubewa suke idan shekara ta zagayo, na gyaran keke kuwa kullum sababbi ke maye gurbin waɗanda suka zube.

Tambaya: Ta yaya zan gane wanda zai daɗe?

Amsa: Bari bidiyon ya yi wata guda, sannan ka shiga YouTube Studio, ka buɗe `Analytics` ɗinsa, ka duba ta ina masu kallo ke shigowa. In akasarinsu ta `YouTube search` ne, mutane ne ke nemansa da kansu, kuma za su ci gaba. In ta `Browse features` ne kawai, YouTube ce ke tura wa mutane shi, ranar da ta daina turawa shi ke nan. Ka karanta kalmomin da suka rubuta wajen neman, domin nan bidiyonka na gaba yake.

Tambaya: To in rabu da yayi gaba ɗaya?

Amsa: A'a, shi ke kawo baƙi. Ni a ganina, uku na koyarwa, ɗaya na yayi. Amma yayin ya zama na sana'arka: ɗinkin Sallah, kayan mahaya na Hawan Magajiya, shigar Sallar Gani. Ka sake shi mako biyu ko uku kafin bikin, lokacin da ake kai wa tela yadi, ba bayan an sauko daga Idi ba. A ƙarshensa ka liƙa bidiyon da ke koyar da yankan wannan rigar.

Abin da ke ba ni takaici shi ne tela ya bi rigimar siyasa don kallo. Mabiyan da ta kawo ba ruwansu da allura, gobe ka sa darasi su ƙi taɓawa. Kuma kada ka sa shekara a sunan bidiyon koyarwa, baɗi sai a ɗauka tsohon yayi ne.