Soket da cifset: dacewar firosesa da madabod

Firosesa ba ta aiki a kan kowane madabod. Abubuwa uku ne ke yanke hukuncin ko za su zauna tare: siffar soket, wato mazaunin da ake ɗora firosesar a kai, nau'in cifset da aka liƙa a jikin madabod ɗin, da kuma manhajar BIOS da ke tayar da kwamfuta kafin komai ya fara aiki. Soket ido na ganinsa, shi ya sa mafi yawan masu saye ke tsayawa a kansa. Sauran biyun ba a ganin aikinsu sai an kunna wuta, kuma a nan ne ake yawan yin asara.

Soket

A kwamfutocin tebur soket iri biyu ne suka fi yawa. A tsarin PGA ƙafafun suna jikin firosesa, soket ɗin kuma ramuka ne da suke shiga. A tsarin LGA ƙafafun suna cikin soket, ƙarƙashin firosesar kuwa shafaffe ne mai ɗigo-ɗigon ruwan zinariya. Intel ya koma LGA a kwamfutocin tebur tun 2004 da soket LGA 775, lambar da ke bayan sunan kuma ita ce adadin ƙafafun. AMD ya daɗe a kan PGA: soket ɗinsa na AM4 ramuka 1331 gare shi, sai a 2022 ya fito da AM5 mai ƙafafu 1718 a tsarin LGA.

Kowace ƙafa da aikinta. Wasu wuta suke kai wa firosesa, wasu suna haɗa ta da ram, wasu da katin hoto, wasu da cifset. Da yake abin da ke sarrafa ram yanzu yana cikin firosesar kanta, irin ram ɗin ma yana bin soket: AM4 da DDR4 yake aiki, AM5 kuwa sai DDR5. Ana yanka 'yan gurabe a gefen firosesar LGA da suka yi daidai da wasu ƙulle-ƙulle a soket, don kada wadda ba ta wurin ba ta zauna. LGA 1150 da 1151 da 1155 girmansu kusan ɗaya, amma guraben sun bambanta. Wanda ya danna da ƙarfi zai lanƙwasa ƙafafun soket, kuma miƙe su aiki ne da ba kasafai yake yin kyau ba.

Cifset

Cifset wani ƙaramin guntu ne da ke kula da hanyoyin da firosesa ba ta riƙe da kanta, kamar yawancin ramukan USB, da SATA na hadis, wato ma'ajiyar bayanai, da ƙarin layukan PCIe, wato hanyoyin da katuna irin su katin hoto ke bi. Sunansa yana cikin sunan madabod, kamar B450 ko H310 ko Z790. Harafin farko matsayi yake nunawa. A wurin Intel H610 na ƙasa ne, B na tsakiya, Z kuma shi ke ba da damar ƙara wa firosesa mai harafin K gudu fiye da yadda aka tsara ta. A wurin AMD jerin A ne na ƙasa, sai B, sai X. Lambar farko kuwa zamani take nunawa, kuma ita ce ta fi shafar dacewa.

LGA 1151: soket ɗaya, gida biyu

Intel ya fito da LGA 1151 a 2015 tare da firosesoshin zubi na shida da cifset jerin 100, irin su H110 da B150 da Z170. Zubi na bakwai ya biyo baya a 2017 da jerin 200, kuma tsofaffin madabod sun karɓe shi bayan an sabunta BIOS. A watan Oktoba na shekarar sai zubi na takwas ya fito da jerin 300. Soket ɗin bai canja suna ba, ƙafafunsa 1151 ne, guraben gefe ma suna inda suke. Abin da ya canja shi ne aikin wasu ƙafafu: waɗanda a da aka bari babu aiki an mai da su na kai wuta, domin sababbin firosesoshin sun ƙara yawan injinan lissafi a cikinsu. Core i5-7500 huɗu gare ta, Core i5-8400 shida.

Saboda haka i5-8400 za ta zauna daram a madabod mai H110, murfin soket ya rufe lafiya lau, amma kwamfutar ba za ta tashi ba. Ita ma i5-7500 ba ta aiki a kan H310. Sabunta BIOS daga kamfani ba ya warware wannan, domin Intel bai taɓa amincewa da haɗin ba. Tarkon ya fi kama masu haɗa kwamfuta daga kayan na hannu, inda mai sayarwa kan ce "1151 ce" ya yi shiru. Tambayar da ta dace ita ce wane zubi, kuma ana gane shi daga lambar farko bayan i3 ko i5 ko i7.

AM4 da matsalar BIOS

AMD ya bi wata hanya dabam. Ya riƙe AM4 tun daga Ryzen na farko a 2017 har zuwa jerin Ryzen 5000 da ya fara fitowa a Nuwamban 2020. Wannan ya yi wa masu amfani daɗi, sai dai ya mai da nauyin kan BIOS, domin madabod ba ya tayar da firosesar da BIOS ɗinsa bai san ta ba. Yawancin madabod na farko guntun da ke ajiye BIOS ɗinsu megabayit 16 ne kacal, bai isa ya ɗauki bayanan duk firosesoshin ba. Wasu kamfanoni sai suka cire tsofaffin firosesoshi daga sabon BIOS don sababbi su sami wuri. A 2020 AMD ya fara cewa cifset jerin 400 ba zai ɗauki Ryzen 5000 ba, ya janye bayan masu amfani sun yi ca, jerin 300 kuwa sai a 2022 aka buɗe masa ƙofa. A ɗaya ɓangaren, B550 a hukumance ba ya ɗaukar Ryzen 1000 da 2000 duk da soket ɗin ɗaya ne.

A ɗauki mai madabod B450 da aka saya a 2018 da Ryzen 5 2600 a kai, yana son ya sa Ryzen 5 5600. Soket ya dace, cifset ya dace, saura BIOS. Kafin ya cire tsohuwar firosesa zai danna maɓallin Windows da R ya rubuta:

```
msinfo32
```

Layin BaseBoard Product zai nuna masa ainihin samfurin madabod, layin BIOS Version/Date kuma sigar da ke ciki. Daga nan zai duba jadawalin CPU Support a shafin kamfanin da ya ƙera madabod ɗin, inda aka rubuta sigar BIOS mafi ƙanƙanta da kowace firosesa ke buƙata. Idan tasa ta gaza, zai sabunta tun tsohuwar firosesa tana kai, kuma da wutar da ba za ta ɗauke ba, domin yankewar wuta ana tsakiyar aikin tana iya kashe madabod ɗin. Idan ya riga ya sa sabuwar, fanka za ta juya amma allo ya tsaya baƙi, kuma a madabod mai fitilun gwaji fitilar CPU takan tsaya a kunne. Mafita ita ce ya mayar da tsohuwar, ko ya yi amfani da maɓallin sabunta BIOS daga filash da wasu madabod ke da shi a baya, wanda ke aiki ko babu firosesa.

Baƙin allo ba kullum laifin BIOS ba ne. Ryzen 5 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta, don haka wayar allo dole ta shiga katin hoto, ramin HDMI na jikin madabod ba zai nuna komai ba. Kuma ko bayan komai ya tashi, cifset yana nan da iyakarsa: firosesar tana iya PCIe 4.0 a kan B550, amma a kan B450 a PCIe 3.0 za ta tsaya.