Warware saƙon da aka ɓoye ta hanyar gusar da haruffa

Tambaya: An turo mini wannan rubutu, aka ce Hausa ce amma an gusar da haruffan: PF ET IF WFLT F WFSFW XFQQF. Ta ina zan fara?

Ka fara rubuta haruffan Turanci 26 a jere, daga A zuwa Z. Mai saƙon ya zaɓi lamba ɗaya ne, ya matsar da kowane harafi gaba da wannan adadi. Idan lambar 3 ce, A ta zama D, B ta zama E, in an kai Z a zagayo kan A. Da 3 ɗin Julius Caesar na Rum yake ɓoye wasiƙunsa, shi ya sa ake kiran dabarar da sunansa. Lambobin da za a iya zaɓa 25 ne kacal, don haka ko ɗaya bayan ɗaya ka bi su, sai ka kamo ta.

Kada ka wahalar da kanka da dukan saƙon. Ɗauki kalmomi ukun farko, ka riƙa mayar da su baya:

```
1: OE DS HE
2: ND CR GD
3: MC BQ FC
4: LB AP EB
5: KA ZO DA
```

A layi na biyar Hausa ta fito. Lura da E: in ka koma baya sau biyar za ka bi ta D, C, B, A, sannan ka faɗa Z. A nan mutane suka fi yin tuntuɓe, su tsaya a kan A, sai kalmar ta ƙi karantuwa. Ka bi sauran da 5 ɗin, saƙon zai ce: KA ZO DA RAGO A RANAR SALLA.

Tambaya: In lambar tana can nesa fa, kamar 22? Babu hanyar yanke?

Akwai, kuma ita na fi so. Dubi F ɗin nan da ke tsaye ita kaɗai. Kalma mai harafi ɗaya a rubutun Hausa kusan kullum "a" ce, kamar a "a gida" ko "a zo". Daga A zuwa F taku biyar ne, ka ga lambar ta fito ba tare da gwaji ko ɗaya ba. Sannan ka ƙirga: cikin haruffa 21 na saƙon, F ta zo sau 8, kuma ita ta rufe PF da IF. Babu harafin da yake wa Hausa irin wannan mamaya sai A. Wannan dabara ta ƙirga yawan haruffa tsohuwa ce, wani masani Balarabe, Al-Kindi, ya yi bayaninta a Bagadaza tun ƙarni na 9.

Akwai kuma tazara. Gusarwa tana sauya haruffa amma ba ta sauya nisan da ke tsakaninsu. D tana gaban A da taku uku, to duk inda aka gusar da "da", harafinta na farko zai kasance gaban na biyu da uku. I da F haka suke. Ita "ba" tazararta 1 ce, "ka" 10, "na" 13.

Tambaya: Na taɓa samun kalma ɗaya mai ma'ana, amma sauran suka ƙi. Me ya jawo?

Gajerun kalmomi suna yin dace. A wannan saƙon ma, in ka koma baya da 17, PF za ta ba ka YO, ka ɗauka ka kama hanya. Sai ka matsa kan ET ta zama NC, wadda ba a ma iya furtawa. Kalma ɗaya ba ta isa shaida, sai ka gwada lambar a kan doguwa. WFSFW ta fara da harafin da ta ƙare da shi, XFQQF tana da tagwayen baƙaƙe a tsakiya, kuma "ranar" da "salla" sun zauna a kansu daram.

Idan kuwa ka gama 25 ɗin babu abin da ya fito, duba harshen tukuna. Saƙon Turanci E ce ta fi yawa a cikinsa, kalmominsa masu harafi ɗaya kuma biyu ne, a da I. Sai batun ƙ, ɗ da ɓ: wani yakan rubuta su k, d, b kafin ya gusar, wani ya bar su yadda suke, wani kuma ya saka su cikin jerin haruffansa, wanda hakan yake rikita lissafin 26 gaba ɗaya. In duk wannan bai yi ba, wataƙila kowane harafi da tasa lambar, kamar a tsarin Vigenère, kuma wannan gwajin ba ya buɗe shi.

Tambaya: Idan an haɗe kalmomin babu sarari fa?

Gajerun kalmomi sun ɓace ke nan, amma ƙirga tana nan. Nemo harafin da ya fi yawa, ka ɗauke shi a matsayin A, ka gwada a kan haruffa goman farko. In baƙi da wasali suka fara bin juna, kamar KAZODARAGO, sai ka raba kalmomin da kanka.