Fashin teku: ba duk harin da aka kai wa jirgin ruwa ne ya cancanci wannan suna ba

Tun daga ƙarshen 2023 da 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jiragen kaya hari a Bahar Maliya, kalmar "fashin teku" ta cika gidajen rediyo. An harba wa jirgi makami mai linzami, sai ka ji an ce 'yan fashin teku. Sojojin wata ƙasa sun tsare tankar mai, fashin teku. Ɓarayi sun haura jirgin da ke tsaye a bakin tasha da dare sun saci igiya da gwangwanayen fenti, shi ma fashin teku. Wannan kwaɓa tana damuna ƙwarai, domin duk wanda ya haɗa abubuwan nan uku a kwando ɗaya ba zai fahimci abin da ma'aikatan jirgi ke yi don kare kansu ba, kuma ba zai gane inda kuɗin 'yan kasuwa ke zurarewa ba.

Kalmar tana da iyaka a doka. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, a sashe na 101, ta gindaya sharuɗɗa. Harin ya zama don amfanin kai aka yi shi. Ya kasance daga wani jirgi mai zaman kansa aka afka wa wani jirgin. Sannan ya faru a can tsakiyar teku, bayan an wuce ruwan da ke ƙarƙashin mulkin wata ƙasa, wato mil 12 na teku daga gaɓa, kimanin kilomita 22. In a cikin mil 12 ɗin nan aka yi ta'asar, sunanta fashi da makami, kuma ƙasar da ke da ruwan ce kaɗai ke da hurumin kamawa da hukuntawa. In a waje ne, jirgin yaƙin kowace ƙasa yana da ikon kama maharan. Saboda haka ɗan bindiga ɗaya, da kwalekwale ɗaya, sunan laifinsa da mai ikon kama shi suna sauyawa gwargwadon inda ya tsaya a kan ruwa. Masana doka suna jayayya kan abin da "amfanin kai" ya ƙunsa, amma a aikace mai harba makami daga kan tudu bai ma zo da jirgi na biyu ba, balle a kai ga maganar niyyarsa.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne abin da sharaɗin amfanin kai ke nufi ga matuƙin jirgi. Ɗan fashin teku kuɗi yake nema, kuma ba zai same su ba sai ya taka ƙafarsa a kan jirgin, ya same shi lafiya, ya kama mutanen ciki da rai. Jirgin da ya nutse ba ya kawo kuɗin fansa. Duk dabarun kariyar jiragen kasuwanci a kan wannan rauni guda aka gina su. Ma'aikatan ba sojoji ba ne, galibi ba su wuce mutum ashirin da 'yan kai ba a kan jirgin da tsawonsa ya haura mita 200, kuma babu wanda ke sa ran su ci yaƙi. Aikinsu su sa hawan ya yi wuya, ya ɗauki lokaci, har maharin ya ga gara ya nemi wani.

Yadda 'yan fashin Somaliya suka riƙa kai hari a shekarun 2008 zuwa 2012 ya nuna haka. Babban jirgin kamun kifi da suka ƙwace yakan kai su nesa da gaɓa, daga nan su saki ƙananan kwalekwale masu injin da ke iya gudun kilomita 45 a awa. Su matso ta baya ko ta gefe, suna harbi wajen ɗakin tuƙi don matuƙi ya tsorata ya rage gudu, sannan su maƙala dogon tsani mai ƙugiya. Littafin dabarun kariya da ƙungiyoyin masu jirage suka fitar, wanda ake kira BMP, ya faɗa a bugunsa na 2011 cewa ba a taɓa samun rahoton an hau jirgin da ke gudun da ya wuce mil 18 na teku a awa ba, wato kusan kilomita 33, kuma jirgin da bakinsa ya ɗara ruwa da fiye da mita 8 ya fi samun damar tsira. Shi ya sa manyan jiragen kwantena, masu tsayi da sauri, ba su cika faɗawa hannu ba, amma tankar mai da ta sha lodi ta nutsa ƙasa tana tafiyar hawainiya ita ce abin farauta. Sirius Star, tankar Saudiyya mai ɗauke da gangar ɗanyen mai miliyan 2, haka aka kama ta a Nuwamba 2008, ɗaruruwan mil daga gaɓar Kenya, inda a lokacin babu wanda ya zaci hannunsu zai kai.

Jirgin da ba shi da gudu sai ya koma ga abin da zai iya. Kafin ya shiga yankin haɗari ana nannaɗe bakinsa da waya mai reza, a ɗaure mesunan kashe gobara suna feshin ruwa a gefe, a kulle ƙofofin waje, a ƙara masu tsaron ido dare da rana, a kuma kai rahoton inda jirgin yake ga ofishin UKMTO na sojojin ruwan Birtaniya da ke Dubai. In kwalekwale ya matso, matuƙi yana ɗan karkata jirgin dama da hagu don igiyar ruwa ta hana a kafa tsani. Nan ma akwai iyaka: in ya karkata da yawa gudun jirgin zai ragu, ya ba maharin abin da yake so da hannunsa.

In duk wannan ya gaza, saura ɗakin mafaka, wanda masu aikin teku ke kira sitadel, kuma nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. Ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe, sau da yawa a wajen injin ko wajen na'urar juya jirgi, da ruwan sha da abinci da wayar tauraron ɗan'adam da ba ta dogara da ɗakin tuƙi ba. A ranar 5 ga Mayu 2010 'yan fashi suka hau tankar Moscow University, mai ɗauke da tan 86,000 na ɗanyen mai zuwa Sin. Ma'aikatanta 23 suka tsayar da injin suka kulle kansu gaba ɗaya. Maharan suka samu kansu a kan jirgin da ba za su iya tuƙawa zuwa Somaliya ba, ba kuma ko mutum ɗaya a hannunsu da za su yi garkuwa da shi. Washegari sojojin ruwan Rasha daga jirgin yaƙi Marshal Shaposhnikov suka hau suka ƙwato ta, ma'aikatan suka fito lafiya. Abu uku ne suka haɗu a ranar: kowa ya shiga ɗakin, suna magana da waje suna tabbatar da hakan, kuma taimako yana nesan kwana ɗaya kacal. Da an bar ko mai dafa abinci a waje, da sojoji ba za su yi gangancin hawa ba, domin an sami wanda za a ɗora wa bindiga a ka.

A Janairu 2011 ma'aikatan jirgin Beluga Nomination sun yi irin wannan dabara a arewacin tsibiran Seshels. Sun kulle kansu, sun yi ta kiran agaji, amma babu jirgin yaƙi kusa. Bayan kwana biyu da wani abu maharan suka fasa ƙofar, aka tafi da jirgin, wasu daga cikin ma'aikatan suka rasa rayukansu. Ɗakin mafaka jinkiri kawai yake samarwa, kuma amfaninsa ya rataya ne ga nisan mai zuwa ceto.

Daga 2011 masu jirage suka rungumi masu gadi da makamai, mutum uku ko huɗu a jirgi, kuma hare-haren suka ragu ƙwarai, don kura ta san gidan mai babbar sanda. Ina da ja a kan yadda ake yabon wannan mataki ba tare da an ambaci ɗaya gefen ba. A Fabrairu 2012 sojojin Italiya da ke gadin tankar Enrica Lexie suka harbe masunta biyu 'yan Indiya a kusa da gaɓar Kerala, bisa zaton 'yan fashi ne. Daga saman jirgi, kwalekwalen masunci da na ɗan fashi kamarsu ɗaya.

Sai maganar ciniki, inda kwaɓar ta fi yin ɓarna. Mutane suna jin "fashin teku ya dagula kasuwanci" sai su ɗauka kuɗin fansa ake nufi. Ƙungiyar Oceans Beyond Piracy ta ƙiyasta cewa fashin Somaliya ya ci wa duniya kusan dala biliyan 7 a 2011. Kuɗin fansa a ciki kimanin dala miliyan 160 ne. Ƙarin man da jirage suka ƙona don yin sauri kuwa ya kai wajen dala biliyan 2.7. Dalilin yana cikin yadda ruwa ke turje wa jirgi: man da inji ke sha a rana yana hauhawa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Jirgin da ya tashi daga gudun mil 12 zuwa 18 ya ƙara rabi ne kawai, amma man da zai sha a rana ya ninka fiye da sau uku, a kan tazara ɗaya kuma fiye da sau biyu. A ɗora kuɗin masu gadi, da ƙarin kuɗin inshora da ake biya duk lokacin da jirgi zai ratsa yankin da masu inshorar Landan suka sa a jerin wuraren haɗari, da alawus ɗin kasada na ma'aikata, da lokacin da ake ɓatawa ana jiran ayarin rakiya a Mashigin Aden. Jiragen da ba a taɓa ko harba musu harsashi ba su ne suka biya kaso mafi tsoka, kuma a kan farashin kayan da suka ɗauko ake fanshewa.

Duk da haka, a shekarun da fashin ya fi ƙamari yawancin jirage ba su daina bin mashigin ruwan Suwez ba, domin haɗari ne da ake iya ragewa da waya da gudu da gadi. Amma makami mai linzami irin na 'yan Huthi bai damu da tsayin bakin jirgi ba, kuma ɗakin mafaka ba shi da amfani a jirgin da ke cin wuta. A Maris 2024 makami ya kashe ma'aikata uku a kan jirgin True Confidence, a watan ne kuma jirgin Rubymar ya nutse. Da ma tun Disamba 2023 manyan kamfanonin kwantena suka juya ta kudancin Afirka, hanyar da ke ƙara kimanin mil 3,500 na teku da wajen kwana goma tsakanin Asiya da Turai.

Ainihin fashin teku kuma bai mutu ba, sai dai an ba da sunansa ga wani abu har an daina lura da shi. A farkon 2023 masu jirage suka soke shelar yankin haɗari a Tekun Indiya. A Maris 2024, lokacin da hankalin jiragen yaƙi ya karkata Bahar Maliya, 'yan Somaliya suka hau Abdullah, jirgin Bangaladash mai ɗauke da kwal daga Mozambik zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka riƙe ma'aikatansa 23 na tsawon wata guda. Maharan sun ce dala miliyan 5 suka karɓa kafin su sake shi.