Ma'anar "bulok", kalmar da ta ishi masu rubuta kundi

Da lokacin kare kundi ya ƙarato, ko'ina ka leƙa a jami'a bulok kake ji. Mai duba kundi ya ce a mayar da wannan bulok, mai buga rubutu a shago ya ce ya gyara maka bulok ɗinka. Asalinta ɗaya da bulon gini, kuma sunan ya dace. Zancen wani ne da ka tsakuro, ka ware shi a nasa layin, ka tura shi gaba ɗaya rabin inci daga gefen hagu, ka cire masa alamar zancen wani, ya tsaya dunƙule kamar bulo.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ɗaukar bulok kamar rawani, a naɗa wa duk maganar da ta burge marubuci, har a karkata haruffanta don ado. Tsawo kaɗai ke yanke hukunci, kuma kowane salon rubuta madogara, irin su APA da MLA da Chicago, da nasa ma'auni. APA bugu na 7 kalmomi yake ƙirgawa, daga 40 zuwa sama bulok ne. MLA bugu na 9 layi yake ƙirgawa, sai zube ya wuce layi huɗu a shafinka, waƙa kuwa ta wuce layi uku. Chicago ya fi sassauci, wajen kalmomi 100 yake ba da shawara.

A ce ka tsakuro zance mai kalmomi 46 a kundin da ka rubuta da APA, yanzu mujalla ta ce MLA take so. A kundin, bulok ne babu gardama. Amma buga shi a cikin sakin layinka, da haruffa girman 12 da gefe inci ɗaya, ka ƙirga. Sau da yawa layi uku da ɗoriya zai ci, musamman in Hausa ce, domin "da" da "na" da "ya" suna cika ƙidaya ba tare da sun ci wuri ba. Ke nan a MLA ya sauka daga bulok, ya koma cikin sakin layi. Ni dai ƙidayar kalma ta fi kwanta mini, don layi yana sauyawa da zarar an taɓa girman harafi, amma ba a tambaye ni ba.

Saukowar nan tana jawo gyara uku. Alamar zancen wani ta dawo farko da ƙarshe. In akwai zancen wani a cikin tsakuren, a bulok alama mai biyu yake ɗauka, yanzu sai ya koma mai ɗaya. Aya kuma ta ƙaura: a bulok tana gaban baka biyun da ke ɗauke da madogara, a gajeren tsakure tana bayansu.

```
APA:  ƙarshen zancen. (Wane, 2015, p. 45)
MLA:  ƙarshen zancen" (Wane 45).
```

Manhajojin tsara madogara irin su Zotero da Mendeley za su sauya abin da ke cikin bakan nan da jerin manazarta, amma ba za su matsar maka da aya ba, balle su rushe bulok. Shi ya sa da na ga aya biyu, ɗaya kafin baka ɗaya bayanta, nake gane maɓalli kawai aka danna.

Sai alamar zarce, ɗigo ukun da ke nuna ka tsallake wani abu daga zancen mai shi. Ba ta da alaƙa da ɗige-ɗigen da muke zubawa a saƙon waya don jan rai. MLA yana son tazara tsakanin ɗigon, `. . .`, APA na 7 ya yarda da wannan ko kuma dunƙulalliya `…` mai tazara gaba da baya. In abin da ka tsallake ya haɗa da ƙarshen jimla, ɗigo huɗu ne, na farko aya ce manne da kalma.

Inda suka rabu shi ne ƙarshen tsakure. APA ba ya sa zarce a farko ko ƙarshe, sai in tana cikin rubutun asali. MLA kuwa yana buƙatarta a ƙarshe idan ka yanke jimlar marubucin amma abin da ya rage ya yi kama da cikakkiyar jimla. Kundinka na APA bai ajiye shaidar wannan yankan ba, don haka duk tsakuren da ya ƙare kamar cikakkiyar jimla sai ka koma shafin littafin ka duba ko a nan mai zancen ya sa aya.