Allon Yanayi da Kundin Kamannin Fim

Allon yanayi tarin hotuna ne da darakta ke jerawa wuri guda domin nuna irin haske, launi da yanayin da yake so fim ɗinsa ya ɗauka. Kundin kamanni kuwa takarda ce mai shafuka, galibi PDF, wadda ke mayar da waɗannan hotuna zuwa shawarwarin da mai ɗaukar hoto zai iya aiki da su: daga ina haske zai fito, wane gilashi za a ɗaura wa kyamara, wane launi za a bari, wane za a hana. Ana haɗa su ne tun ana shirye-shirye, kafin a yi hayar kayan aiki, domin su ne ke nuna fitilu da gilasan da za a nema.

Dalilin yin su shi ne baki ba ya iya ɗaukar hoto. Idan darakta ya ce yana son fitowa ta yi duhu, mai ɗaukar hoto na iya fahimtar a rage haske gaba ɗaya, alhali darakta na nufin rabin fuska a haske, rabi a inuwa.

Tattara hotuna da tacewa

Ana farawa da tari mai yawa, kamar hoto ɗari ko fiye, daga finafinai, zane-zane, hotunan jarida, da waɗanda darakta ya ɗauka da wayarsa a lokeshin. Wasu na amfani da shafin intanet na ShotDeck wajen neman hotunan finafinai, ko manhajar PureRef wajen jera su. Daga nan sai a tace, kuma a nan aikin yake. Allo ɗaya bai kamata ya wuce hoto shida zuwa goma ba, kuma ya tsaya kan abu guda, misali dare a cikin ɗaki, ko rana a kasuwa. Hoton da ya burge darakta amma ya saɓa wa sauran a cire shi, komai kyansa.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne rubutun da ke ƙarƙashin kowane hoto. Hoto ɗaya yana ɗauke da haske, launi, sutura, tsayuwar kyamara da fuskar ɗan wasa duk a lokaci guda, mai kallo kuma ba zai san wanne aka ɗauko shi dominsa ba. Saboda haka a rubuta jimla ɗaya ko biyu, kamar: "Hasken da ke shigowa ta taga ta hagu kaɗai nake so a nan, ban da shuɗin bangon." Allon da ba shi da irin wannan rubutu yakan haifar da gardama ranar ɗauka, kowa na nuna hoto ɗaya yana faɗin abu daban. Yana da kyau kuma a ware shafi na hoto biyu ko uku na abin da ba a so.

Abin da kundin ke ƙunsa

Kundi mai shafi goma zuwa ashirin ya isa. Shafin farko yana faɗin manufar hoton fim ɗin a taƙaice, tare da danganta ta da labari. Sai fasalin firam, ko 16:9 na talabijin da waya, ko 2.39:1 mai faɗi na sinima, domin wannan ke yanke yadda za a tsayar da 'yan wasa. Sai launuka huɗu ko biyar da aka ciro daga hotunan, waɗanda dole mai sutura da mai tsara wuri su gani. Sauran shafukan suna bin labarin kashi-kashi, suna nuna inda kamanni zai sauya da dalilin sauyawar.

Ba aikin darakta ba ne ya rubuta sunan fitila ko lambobin kyamara. Shi ya faɗi abin da yake so ido ya gani, mai ɗaukar hoto ya cike lambobin bayan sun zauna tare. Kundin da ya zo da komai a kulle yakan rufe bakin wanda ya fi sanin kayan aikin.

Misali: dare a ɗakin ƙasa

A ɗauka akwai fitowar da uwa ke jiran ɗanta da dare a ɗakin jar ƙasa, babu lantarki sai fitilar ƙwai. Darakta ya kawo hoto biyar, ya rubuta cewa yana son haske ya fito daga ƙasa ta gefe ɗaya, bayan ɗakin ya nutse cikin duhu, amma idon uwar ya riƙa ƙyalli.

Mai ɗaukar hoto zai fara da bambancin haske tsakanin gefen fuska biyu. Idan gefe mai haske ya ninka ɗayan sau biyu, wato 2:1, fuskar ta yi laushi kamar ta shirin hira. A 4:1 inuwa ta fito sosai, a 8:1 kuma gefe ɗaya ya kusa ɓacewa. Sai launin wutar, wanda ake aunawa da kelbin: harshen fitila yana wajen kelbin 2000, fitilar tongistin 3200, hasken rana 5600. Idan aka saita kyamara a 3200, wutar za ta fito ruwan lemo mai ɗumi, idan kuwa aka bar ta a 5600, jan zai yi yawa har ya cinye launin fata da na bango.

A nan matsalar hotunan aro ke bayyana. Yawancin hotunan finafinan waje na fararen fata ne, kuma abin da ya yi kyau a kansu a 8:1 zai iya shafe rabin fuskar baƙin mutum. Baƙar fata tana fitowa ne da sheƙin hasken da take mayarwa, don haka ta fi son haske mai faɗi da laushi kusa da fuska. Ya kamata aƙalla rabin hotunan allon su kasance na masu launin fatar 'yan wasan. Bango ma yana da tasa rawar: jar ƙasa tana shanye haske, farin fenti kuwa yana watsa shi ko'ina ya kashe inuwar da ake nema. Idan lokeshin ɗin da aka samu mai farin bango ne, sai a rubuta a kundin cewa za a sake fenti ko a rataya baƙin ƙyalle a gefen da kyamara ba ta gani.

Kowane hoton aro yana da farashinsa. A fim ɗin Barry Lyndon na 1975, Stanley Kubrick da mai ɗaukar hotonsa John Alcott sun bi zane-zanen Turai na ƙarni na 18, kuma sai da suka nemo gilashin Zeiss mai buɗewar f/0.7, wato mai shigar da haske mai yawa ƙwarai, kafin su iya ɗauka da hasken kyandir. Da irin wannan buɗewa, ɗan wasa na ɗan matsawa sai fuskarsa ta yi dishi-dishi. Wanda ya sa irin wannan hoto a allonsa yana da gilashin f/2.8 da fitila biyu, sai ya yarda zai ƙara hasken ɓoye ya kwaikwayi wutar.

Gwaji kafin ɗauka

Kundin bai kammala ba sai an gwada. A ware rabin yini da ainihin kyamarar, ɗan wasan da suturarsa da kwalliyarsa, a ɗauki fitowar a 4:1 da 8:1, a ɗora LUT ɗin da za a yi aiki da shi, wato saitin launin da ake ɗora wa hoton. A kalli sakamakon a allo mai ingancin launi, sannan a kalla a waya, domin idan ta intanet za a saki fim ɗin, matse bidiyo yana farfasa wurare masu duhu su zama dabbare-dabbare. Idan an ga haka, a ɗan ɗaga hasken inuwa wajen ɗauka, a rage shi wajen gyaran launi.

Hotunan gwajin da aka amince da su sai su maye gurbin na aro a cikin kundin. A sa kwanan wata a kowane sabon kwafi, a tura wa mai sutura, mai kwalliya, mai tsara wuri da mai gyaran launi kwafi iri ɗaya. Idan fitowar ta waje ce, a rubuta lokacin shekara da na yini: hazon hunturu na Disamba da Janairu yana tausasa rana ya dusar da sararin sama, kuma wannan kamanni ba zai samu ba idan ɗauka ta zame zuwa damina.