Man 2T da ma'aunin haɗa shi da fetur

Man 2T shi ne man da ake sa wa inji mai bugu biyu, wato injin da fistinsa ke hawa sau ɗaya ya sauka sau ɗaya, ya gama zuƙar mai da matse shi da ƙona shi da fitar da hayaƙi. Irin wannan injin ne a cikin ƙaramin janaretan nan na shaguna da ɗakunan haya, irin su Tiger TG950 da aka kwaikwayo daga Yamaha ET950, da kuma tsofaffin babura kamar Suzuki AX100 da Jincheng da aka ƙera a kan zubinsa, da Yamaha YB100 da tsohuwar Vespa. Yawancin baburan da ake sayarwa yanzu, irin su Bajaj Boxer, masu bugu huɗu ne, ba a haɗa musu mai da fetur ko kaɗan.

Dalilin haɗa man da fetur

A injin mota baƙin mai yana da mazauninsa a ƙasan inji. Yana zagayawa ya dawo, sai ya gaji a yi juye. Inji mai bugu biyu ba shi da wannan mazaunin, domin ta wurin ne fetur da iska suke bi kafin su hau saman fistin. Don haka dole man ya shigo tare da fetur ɗin, ya shafi boris da jikin silinda da zobban fistin a kan hanyarsa, sannan ya ƙone ya fita ta salansa. Wannan ne asalin shuɗin hayaƙin da aka san waɗannan injuna da shi.

Aiki biyu ke nan ake nema daga mai guda: ya hana ƙarfe cin ƙarfe, kuma idan ya ƙone kada ya bar datti.

Baƙin man mota ba madadinsa ba ne

Al'ada ce da ta yaɗu a sayi fetur a galan, a ce wa mai sayarwa ya ɗan tsiyaya baƙin mai a kai, a girgiza a tafi. Sau da yawa man mota ne, mai lambar SAE 40 ko 20W-50. Janareta zai tashi, zai kuma ba da wuta, shi ya sa mutane da yawa ba su ganin laifin abin. Ɓarnar a hankali take zuwa.

Man mota ba don a ƙona shi aka yi shi ba. An zuba masa sinadarai masu ɗauke da ƙarfe, irin su kalsiyam da zink, don ya daɗe a inji yana wanke datti yana kare ƙarfe. Idan ya ƙone, waɗannan sinadaran sukan zama toka mai tauri. Tokar da baƙin gawayi su taru a kan fistin da bakin fulogi, su cika ramukan da zobba ke zaune har zobban su liƙe su daina matse silinda, su kuma rage faɗin ƙofar da hayaƙi ke fita. Ga shi man mota yana da kauri, ba ya saurin narkewa cikin fetur. Man 2T kuwa tokarsa kaɗan ce, kuma an tsinka shi yadda zai gauraye da wuri. Mafi muni shi ne man juye, wanda aka riga aka fitar daga wani injin: ban da toka, yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe da zai bi ta cikin boris.

Abin da ake dubawa a jikin roba

Rubutun 2T kaɗai bai isa ba, ana duba matakin ingancin da ke ƙarƙashinsa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi na Japan ne, JASO, wanda ya fito a 1994 da matakai uku, FA da FB da FC, daga baya aka ƙara FD. Ana gwada man a kan santsi, da tsabtar cikin inji, da yawan hayaƙi, da toshewar mafitar hayaƙi. An daina amfani da FA. FB ya wadatar wa ƙaramin janareta da tsohon babur. FC ya fi shi ƙarancin hayaƙi da datti, FD kuma kamar FC yake sai dai ya fi shi barin inji da tsabta. Wata robar za a ga ISO-L-EGB ko EGC ko EGD, waɗanda kusan daidai suke da FB da FC da FD, wata kuma API TC. Ga janaretan da ke kwana yana aiki a ƙofar shago, ƙarin kuɗin da ke tsakanin FB da FC ba asara ba ce, domin za a rage yawan kai shi a kankare masa gawayi.

Akwai man da ke rikita masu saye, mai alamar TC-W3. Shi ma na inji mai bugu biyu ne, amma na jirgin ruwa, wanda ruwa ke sanyaya shi. Injin janareta da na babur iska ce ke sanyaya su, sun fi ɗaukar zafi, don haka ba a sa musu shi sai in littafin injin ya ba da dama.

Ma'auni da lissafinsa

Ana rubuta ma'aunin da lamba biyu, kamar 50:1, ma'ana kaso hamsin na fetur, kaso ɗaya na mai. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne, yawan lambar farko ƙarancin mai take nufi: 25:1 ya ninka 50:1 yawan mai. A ƙasashen da ake aiki da Faransanci, kamar Nijar da Kamaru da Cadi, an fi rubuta shi da kaso cikin ɗari, inda 2% yake daidai da 50:1, 4% kuma 25:1.

Lissafin ɗaya ne. Lita tana da mililita 1000, sai a raba ta da lambar farko:

```
1000 ÷ 50 = 20
```

Kowace lita ta fetur tana son mililita 20 ke nan a ma'aunin 50:1. A 40:1 mililita 25 ne, a 32:1 kusan 31, a 25:1 kuma 40. Wanda ya ƙera injin ne yake yanke ma'aunin, kuma yakan rubuta shi a littafi ko a takardar da ke manne a tanki. Janareta irin 950 yawanci 50:1 ne, tankinsa kuma yana cin kusan lita 4, wato mililita 80 na mai idan tankin ya ƙafe gaba ɗaya.

A kan wannan sharaɗin na ƙafewa ne ake yin kuskuren da ba a lura da shi. A ɗauki mai shagon aski da ya ji cewa tankinsa mililita 80 yake ci, ya riƙe wannan. Kullum da yamma yana tarar da rabin tanki, ya ƙara lita 2, ya zuba mililita 80 ɗinsa. Amma lita 2 da ya tarar tana ɗauke da mililita 40 na jiya, don haka ranar farko tankin yana da mililita 120, ma'auni ya koma kusan 33:1. Washegari ragowar tana da 60, ya ƙara 80, ya zama 140, kusan 29:1. Kafin mako ya ƙare yana dab da 25:1, ninki biyu na abin da injin ke so, alhali shi a ganinsa bai taɓa sauya awo ba. Fetur ɗin da aka ƙara ake auna wa mai, ba girman tanki ba: lita 2 mililita 40, lita 3 mililita 60.

Abin awo mafi sauƙin samu shi ne sirinji mai mililita 20 daga kemis, a cire allurar. Cikinsa ɗaya na lita ɗaya ne a 50:1. Murfin roba da gwangwanin tumatir ba abin dogaro ba ne, girmansu ya bambanta. Haka ma galan da kwalbar 'yan bumburutu ba kullum suke cika litar da ake kira ba, gara a sa alamar lita a jarkar gida a riƙa aunawa da ita. A cikin jarkar ake haɗawa, ba a tanki ba: a zuba rabin fetur, a sa man duka, a rufe a girgiza, sannan a cika. Man da aka tsiyaya kai tsaye cikin tanki yakan nutse ƙasa inda famfon fetur yake, ya shiga kafireto da kaurinsa, a yi ta jan igiya inji ya ƙi tashi, bayan haka kuma ragowar fetur ɗin ta zo da ƙarancin mai. Haɗin kuma kada ya wuce abin da za a ƙarar cikin wata guda.

Yadda ake gane an kauce

Idan mai ya yi yawa, hayaƙi ba ya raguwa ko bayan inji ya ɗauki zafi, baƙin maiƙo yana ɗiga daga bakin salansa, fulogi kuma ya fito baƙi jiƙe. Bayan watanni janaretan da ke ɗaukar fanka da talabijin sai ya fara nishi da fanka kaɗai, domin mafitar hayaƙi ta toshe. Wannan gyaransa kankara ce da wanki da sabon fulogi.

Ƙarancin mai bai cika ba da sanarwa ba. Inji yana zafi fiye da ƙima, ƙararsa ta zama busasshiya, sai kawai ya tsaya cak, igiya ta ƙi jawuwa. Idan bakanike ya buɗe zai tarar da zane-zane a tsaye a jikin fistin da silinda, wani lokaci boris ma ya ƙone. Tanki ɗaya na zallar fetur ya isa ya yi wannan aika-aikar. Shi ya sa in awo ya gagara, ɗan ƙari ya fi ɗan ragi sauƙin ɗauka. Fulogin injin da haɗinsa ya yi daidai busasshe ne, launinsa ruwan ƙasa mai haske. Farin fulogi ƙal yana nuna zafi da ƙarancin fetur a cikin iska, sai a duba kafireto ko wurin da iska ke sata.

Babur mai famfon mai

Babura irin AX100 da YB100 ba a haɗa musu a tanki. Suna da ƙaramin tankin 2T daban, da famfo da ke haɗe da wayar totur, yana ƙara mai idan an murɗa, yana ragewa idan an saki. Yamaha ta fito da nata mai suna Autolube a 1964, Suzuki kuma tana kiran nata CCI. Aikin mai babur shi ne kada ya bari tankin ya ƙafe, domin iska na shiga bututun, kuma ko an sake cikawa famfon ba zai tura mai daidai ba sai an fitar da iskar ta ɗan sukurun da aka tanada don haka. Man giya kuma daban yake, shi ake yi wa juye, ba a zuba masa 2T.

Wasu bakanikai sukan cire famfon idan ya lalace su ce a koma haɗawa a tanki. A wasu injuna wannan yana yiwuwa, amma a wasu na Suzuki bututun famfon ne ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin da ke riƙe sandar inji, kuma idan an cire shi man da ke cikin fetur ba lallai ya isa wurin ba. Kafin a cire, sai a bi bututun da ya fito daga famfon a ga inda ya shiga jikin inji.